Nazarin wasan da aka sha kashi a Erangel: sakan 12 na ƙarshe da minti 6 da suka haife su

Ƙungiyar 'yan wasa huɗu ta shiga wasan atisaye na PUBG Mobile a taswirar Erangel, ɗaki mai ƙungiyoyi 16. Sun fita a matsayi na 11 da kisa ɗaya. A tsarin makin da gasannin wasan ke bi, na ɗaya yana samun maki 10, na biyu 6, a yi ta sauka har na bakwai da na takwas masu maki ɗaya ɗaya, daga na tara zuwa ƙasa babu komai, sannan kowane kisa maki ɗaya ne. Ke nan sun tashi da maki ɗaya tal.

Kafin ma su koma zauren jira an riga an yanke hukunci. Mai gaba, wato wanda aikinsa shi ne ya fara kutsawa, ya tarar da abokin hamayya a bakin wani ɗan ɗaki, ya zazzage masa kusan rabin harsasan M416 bai durƙusar da shi ba, shi aka durƙusar, wato aka kayar da shi yana rarrafe sai ɗan'uwa ya tashe shi. Bayan sakan 22 sauran ukun suka bi shi. Jagora ya ce, "Baba, wannan ai kyauta ce aka ba ka." Mai tallafi ya ce ya kamata ya sake gyara saurin juyawar saitinsa. Shi kuwa mai gaba ya ce netwok ne.

Irin wannan hukunci yana da saurin karɓuwa, saboda kuskuren saiti shi ne abin da kowa ya gani da idonsa. Wanda aka kashe yana kallon allon wanda ya rage, kuma abin da ya faru a ƙarshe shi ke manne wa zuciya. Amma idan aka tsaya a nan, gobe mai gaba zai kwashe awa ɗaya a filin koyon harbi, ƙungiyar kuma ta sake tsintar kanta a fili irin wancan, babu mota, babu gurnetin hayaƙin ɓuya. Abin da ke ƙasa shi ne yadda aka bi bidiyon wasan, da abin da ya fito.

Kayan aiki kafin a zauna

Bidiyon mutum ɗaya ba ya isa. Allon jagora yana nuna abin da jagora ya gani ne kawai, alhali yawancin kura-kuran shawara suna ɓoye ne tsakanin abin da wani ya gani da abin da ya iso kunnen jagora. Don haka duk huɗun suka ɗauki allonsu da manhajar ɗaukar allo ta waya. Ingancin 720p ya wadatar, domin taswira da kamfas da sanarwar kisa duk suna karantuwa. Wanda ya ɗaga ingancin sama da haka a ƙaramar waya, musamman lokacin zafi, zai ga wayar ta ɗau ɗumi, wasan ya fara sarƙewa, ya zama ɗaukar bidiyon da kanta ta jawo faɗuwa. A gudun 4 Mbps, minti ɗaya yana cin kusan 30 MB, wasan minti 18 ya kai kimanin 540 MB. Wannan ba abin turawa da data ba ne. In ana gari ɗaya a tura ta Xender, in kuma dole sai ta WhatsApp to a tura shi a matsayin fayil, don in aka tura shi a matsayin bidiyo za a matse shi har lambobin kamfas su daina ganuwa.

Murya ta fi hoto muhimmanci a wannan aikin. Wasu wayoyin ba sa barin manhajar ɗaukar allo ta yi amfani da makirfo a lokacin da wasan ke amfani da shi, sai a buɗe bidiyon a ji karar harbi amma babu maganar mai wayar. A gwada na minti ɗaya kafin wasa. In ta ƙi, a ajiye wata waya a gefe ta riƙa naɗar murya.

Sai daidaita lokaci. Kowa ya danna ɗauka a lokaci daban, saboda haka ana neman abu ɗaya da ya bayyana a allon kowa a sakan guda, kamar layin farko da ya fito a sanarwar kisa. A rubuta lokacin da ya fito a kowane bidiyo, a ɗauki na jagora a matsayin agogo, sauran a ƙara ko a rage. Duk lokutan da ke cikin wannan rubutu na bidiyon jagora ne.

An zauna washegari, ba a daren da aka faɗi ba. Mutumin da ransa ke ɓace ba ya kallon bidiyo, hujja yake nema. An kuma yarda da sharaɗi biyu. Na farko, duk wanda zai yi magana sai ya faɗi minti da sakan ɗin da yake nufi. Na biyu, idan an tsayar da bidiyo a wani wuri, ba a kafa hujja da abin da ya faru bayan wurin. Sharaɗi na biyun ya fi wuyar kiyayewa, kuma shi ne ke raba nazari da ihu bayan hari.

An fara da faɗan da ake zargi

Ba a kauce wa maganar saiti ba, da ita aka fara, domin in ba a warware ta ba za ta yi ta dawowa. An buɗe bidiyon mai gaba daga 17:24 zuwa 17:36, aka rage gudu zuwa kashi ɗaya cikin huɗu.

Ya fito daga cikin hayaƙi da gudu, jininsa bai wuce kashi 60 ba, rigar sulkensa mai mataki na biyu ta riga ta sha harsashi. Tazarar mita 70 ce zuwa ɗakin. Yana isa kusa, mutum ya leƙo ta gefen dama na bango, rabin jikinsa a ɓoye. Mai gaba ya tsaya ya buɗe wuta. An ƙirga feshin jini huɗu a jikin mutumin. M416 a ƙirjin mai sulke mataki na biyu yana buƙatar kimanin harsashi biyar kafin ya durƙusar da mai cikakken jini, don sulken yana rage kashi 40 na illar. Ke nan harsashi ɗaya ya rage. Lambar jinkirin netwok da ke gefen allo ba ta yi tsalle ba, saboda haka uzurin netwok ya faɗi. Haka kuma harsasan farko guda uku sun tafi a bango, wannan kuskuren hannu ne, an rubuta shi.

Amma da aka sake maimaita sakan biyun ƙarshe, sai aka lura alamar harbi tana shigo masa daga ɓangare biyu. Akwai mutum na biyu a tagar ɗakin, kuma sunan da ya fito a sanarwar kisa nasa ne, ba na wanda yake harbi ba.

A nan aka yi gwajin da ya fi kowane amfani: a ba shi nasarar. A ɗauka harsashi na biyar ya shiga, na bakin bango ya durƙusa. Sai me? Na taga yana nan da cikakken jini, mai gaba yana tsaye a fili da abin da bai kai rabin jini ba, abokansa suna mita 30 a baya ba su da kusurwar harbin tagar. Za a durƙusar da shi duk da haka. Na taga zai ja ɗan'uwansa bayan bango ya tashe shi cikin sakan 10, su kuwa nasu yana kwance a inda babu mai iya isa. Sakamakon wasan bai canza ba, ko kisa ɗaya ba lallai ya ƙaru ba. Idan aka ba mai harbi nasarar da ya rasa amma ƙungiya ta ci gaba da faɗuwa, to ba a nan gizo ke saƙar ba. Daga nan aka fara komawa baya.

Sakan huɗu tsakanin umarni da tashi

A 17:20 jagora ya ce, "Mu shiga ɗakin can, 150." Abin da ya faɗa ke nan, babu ƙari, 150 ɗin kuwa lambar kamfas ce mai nuna ɓangaren da ɗakin yake. Mai gaba ya tashi a 17:24. Mai leƙe, wato mai duba musu hanya da inda abokan hamayya suke, yana sauya harsashi, ya tashi a 17:28. Mai tallafi yana tsakiyar shan Energy Drink, ya ƙarasa sannan ya bi. Jagora da kansa ya tsaya harbin gidajen da ke 210 don ya danne abokan hamayyar da ke ciki, abin da bai gaya wa kowa zai yi ba.

Mutum yana gudun kimanin mita shida a sakan ɗaya, don haka jinkirin sakan huɗu ko biyar shi ne mita 25 zuwa 30 ɗin da aka gani. A wannan tazara ba a iya rama wa ɗan'uwa. Amfanin tafiya tare shi ne duk wanda ya leƙo ya harbi na gaba, na baya ya same shi tun bai koma ba. Su kuwa sun isa ne ɗaya bayan ɗaya, masu ɗakin suka yi faɗan biyu da ɗaya har sau uku.

Wa ke da laifi? An so a ce mai gaba ya yi gaggawa, an so a ce sauran sun yi nawa. Bidiyon ya nuna kowa ya yi abin da ya fahimta. Umarnin ne ba shi da lokaci, ba shi da rabon aiki. Da an ce, "Kowa ya cika bindiga, gurneti biyu a ɗakin, in na ƙirga uku mu tashi, ni zan danne 210," da an san wanda ya saɓa. Kuma suna da gurneti uku masu fashewa a jaka, ko ɗaya ba a jefa ba. Ɗan ɗaki mai ƙofa ɗaya da taga ɗaya shi ne wurin da gurneti ya fi yin aiki.

Akwai kuma tambayar da ta fi wannan: sun san akwai mutane a ɗakin? Jagora ya ce ya ɗauka babu kowa, shi ya sa bai kira gurneti ba. Sai aka buɗe bidiyon mai tallafi a 16:40, lokacin da aka durƙusar da shi yana sauka daga mota. Harbin ya zo masa ne daga hagu, wajen 150, ba daga gidajen 210 ba. Abin da ya faɗa a lokacin shi ne, "An yi nokin ɗina, ku tashe ni, ku tashe ni!" Bai faɗi inda aka harbo shi ba. Labarin yana allonsa sakan 40 kafin umarnin, bai taɓa zama magana ba. Sunan da ya fito a sanarwar kisa kuma yana ɗauke da alamar ƙungiyar da ke gidajen, wanda ke nuna sun rabu biyu biyu ne, salon da ƙungiyoyi ke yawan yi don su riƙe fili mai faɗi.

Me ya kai su tsakiyar gona?

Duk da haka, a 17:20 zaɓin da ya rage musu duk marasa daɗi ne. Suna kwance a bayan motarsu UAZ mai fitar da hayaƙi, a gonakin da ke tsakanin Pochinki da Farm, ana ganinsu daga ɓangare biyu, hayaƙinsu na uku kuma na ƙarshe yana sirancewa. Ko da sun shiga ɗakin da tsari, nasara ba tabbas ba ce. Hausawa na cewa ba inda ka faɗi za ka duba ba, inda ka yi tuntuɓe. Saboda haka aka ci gaba da ja baya, ana neman wuri na ƙarshe da ƙungiyar ke da zaɓi mai kyau a hannu.

Zon na huɗu, wato da'irar tsira da ke ƙara tsukewa a taswira, ya fito a 15:10. Ya ja kudu, ya bar gidan da suke ciki a arewa maso gabashin Pochinki da kimanin mita 600. Wannan ana auna shi daga taswira, ƙananan murabba'ai mita 100 ne, manya kilomita ɗaya. Motarsu ta tashi a 15:52. An saurari waɗannan sakan 42 ba tare da kallon hoto ba, murya kawai. Sakan 15 na farko shiru ne, kowa na kallon taswira. Sai mai gaba ya ce a bi ta gabas, jagora ya sa alama a wasu gidaje kudu, mai tallafi ya ce a jira shi yana saman bene. Sauran lokacin ya tafi a gardamar wanda zai tuƙa.

A wasan ƙungiyoyi 16, sakan 42 a zon na huɗu ba ƙaramin abu ba ne. Gidajen da ke cikin sabon zon ba su da yawa, kuma duk ƙungiyar da ta riga ta tsara inda za ta tana taka mota cikin sakan biyar zuwa goma. Wanda ya makara yana isa ne lokacin da masu wuri sun sauka, sun hau tagogi, sun juyo suna jiran mai zuwa.

Sai dai makarar ba ita ce babbar matsalar ba. Gidajen da jagora ya sa wa alama an riga an shige su tun 13:20, kuma bidiyon mai leƙe ya nuna hakan ƙarara: yana kallo da madubin 6x, mota ta tsaya, mutane sun sauka. A 13:24 ya ce, "Kamar an shiga can fa." Ya faɗa sau ɗaya, a hankali, babu lambar kamfas, babu alama a taswira, a daidai lokacin da sauran ke maganar tayoyin ɗayar motarsu da aka fasa. Babu wanda ya amsa, shi ma bai maimaita ba. Da jagora ya sa alamar a 15:30, mai leƙe bai ce komai ba. Da aka tambaye shi, ya ce, "Oga, na ɗauka ka ji ni, na ce ko faɗa za mu kai musu."

Wannan shi ne wurin da ɗakin nazarin ya yi tsit. Mota ɗaya, mutum huɗu a ciki, ta nufi gidan da ɗaya daga cikinsu ya san da mutane, sauran ukun suna ganin babu kowa. Ba za a ga wannan a bidiyon jagora ba ko an kalle shi sau goma.

Sakan 30 na harbin da babu riba

Dalilin tafiya a mota ɗaya yana can baya. Sun sauka a Rozhok, sun samu motoci biyu, Dacia da UAZ, suka shigo gidan nan na arewa maso gabashin Pochinki da duka biyun. Zon na uku ya fito a 11:50, gidan yana ciki amma a bakin arewa, mita 100 kacal daga layi. A 11:58 mai leƙe ya ce, "Akwai gidaje a kudu ba a shiga ba, in ɗauki Dacia in duba?" Kafin a amsa masa wata mota ta gifta a nesan kusan mita 300, jagora da mai gaba suka buɗe mata wuta daga 12:05 zuwa 12:35. Ba su durƙusar da kowa ba.

A ce ma sun durƙusar da ɗaya. A mita 300, cikin mota mai gudu, abokansa za su tsaya bayan tudu su tashe shi, ko wata ƙungiya ta ƙarasa shi. Ribar ba ta wuce yiwuwar maki ɗaya ba, ita ma siririya. Abin da suka biya kuwa uku ne. Tambayar mai leƙe ta nutse cikin ƙarar harbi. Duk wanda ke kewaye ya san inda suke. Sannan a 12:48 wata ƙungiya daga kan tudu ta mayar da wuta, ta fasa tayoyin Dacia biyu, domin an ajiye ta a fili gaban gida, ba a bayan bango ba. UAZ ta tsira ne saboda an ajiye ta a lungu, kuma bidiyon ya nuna dace ne kawai, ba niyya ba.

Da mota biyu, tafiyar 15:52 ta bambanta. Mutum ɗaya zai yi gaba da sakan takwas ko goma, in aka buɗe masa wuta ya faɗa, na baya su karkata. Mafi muni a rasa mutum ɗaya. Da mota ɗaya, ranar da aka tsayar da ita an tsayar da kowa.

A nan an yi gardama mai amfani. Mai gaba ya ce zama a bakin zon tun 11:50 shi ne asalin kuskuren, da an tafi kudu tun lokacin da an samu gidajen. Jagora ya ce ba shi da hanyar sanin zon na huɗu zai ja kudu. Maganar jagora gaskiya ce, kuma sharaɗi na biyu yana bayansa: ba a hukunta shawara da abin da ya faru bayanta. Zama a baki salo ne da ƙungiyoyi masu ƙarfi ke bi da gangan, don bayansu a rufe yake, ba a kewaye su. Amma akwai abin da ya sani a 11:50 ba tare da duba ba. Sabon zon kullum ya fi na yanzu ƙanƙanta kuma yana faɗawa ne gaba ɗaya a cikinsa, saboda haka wanda ke mita 100 daga layi ya fi kusa da tashi fiye da zama. Mai zaman baki ya san zai yi tafiya cikin wuta, don haka motocinsa da hayaƙinsa da sanin inda babu mutane su ne jarinsa. Zaman ba laifi ba ne. Laifin shi ne an zauna minti uku da sakan 20 ba a tanadi tafiyar ba. A gaskiya ma babu inda aka ji jagora ya ce "mu zauna". Harbin mota ne ya ɗauke hankali, zaman ya faru da kansa.

Hayaƙi uku a jakar mutum huɗu

An duba jakunkuna daga lokutan da kowa ya buɗe tasa. Gurnetin hayaƙi uku ne gaba ɗaya, biyu wajen mai tallafi, ɗaya wajen jagora. Ƙungiyar da ke shirin ratsa gonakin Erangel tana son uku ko huɗu a hannun kowane mutum. Ba rashin samu ba ne. A Rozhok, bidiyon mai gaba ya nuna ya tsallake hayaƙi huɗu a gidaje daban daban saboda jakarsa ta cika, kuma abin da ya cika ta harsashin 5.56 ne guda 310. Ya mutu da kusan 190. Tashin mai tallafi a 16:42 ya ci hayaƙi biyu, na uku ya ba shi damar amfani da First Aid Kit na sakan shida. Da ya zo ga mita 70 ɗin zuwa ɗakin, babu abin da za a shimfiɗa a hanya. Abin lura a nan, mai gaba yana da hannu a faɗuwar, amma a minti na biyar wajen tsintar kaya, ba a minti na 17 wajen harbi ba. Shi ma ya fi karɓar wannan cikin sauƙi, don abu ne da zai iya gyarawa gobe.

Abin da aka fitar

An rubuta kura-kurai tara, aka ɗauki uku kawai. Ƙungiyar da ta shiga wasa da dokoki tara ba za ta tuna ko ɗaya ba idan wuta ta buɗe. An kuma rubuta su yadda za a iya dubawa a bidiyo a ce an yi ko ba a yi ba, domin "mu gyara sadarwa" ba abin da ake ƙirgawa ba ne.

Na farko, duk labarin abokin hamayya sai ya zo da lambar kamfas da alama a taswira, jagora kuma ya amsa da "na ji". In bai amsa ba, mai labarin ya maimaita har sai ya amsa. Wanda aka durƙusar, kalmarsa ta farko ita ce inda aka harbo shi. Na biyu, da zarar an shiga gida ana ɓoye motoci a bayan bango kafin komai, kuma kafin sabon zon ya fito jagora ya riga ya faɗi wuri biyu da za a nufa da wanda zai tuƙa, ta yadda mota za ta tashi cikin sakan 10. Na uku, kafin a bar wurin tsintar kaya kowa ya faɗi adadin hayaƙinsa, wanda bai kai uku ba ya zubar da harsashi ya ɗauka.

Ƙirgen uku kafin kutsawa bai shiga jerin ba, duk da muhimmancinsa. An bar shi zuwa zama na gaba, saboda in aka gyara ukun nan, irin kutsen dole na 17:20 zai ragu da kansa.

Saiti kuma ba a wanke shi gaba ɗaya ba. Akwai faɗan da hannu ne ya faɗi: mutum ɗaya da ɗaya, jini cikakke, mafaka daidai, an ga juna a lokaci guda. Ana gane shi da gwajin nan na ba shi nasara, in aka ba shi sai a ga wasan ya juya. Irin wannan ana rubuta shi a shafi daban, mai shi ya kalla shi kaɗai ko tare da mutum ɗaya, a duba inda alamar saitinsa take kafin abokin hamayya ya bayyana, ko tana kallon ƙasa ko tana daidai ƙirji. Ba aikin zaman ƙungiya ba ne, don mutum uku da ke kallon hannun mutum ɗaya babu abin da suke koya, laifi kuma tudu ne, kowa na hango na wani.

Zaman ya ɗauki minti 45. An buɗe shafi mai layi goma, layi ɗaya ga kowane wasa mai zuwa, da gurbi uku a gaba: sakan nawa tsakanin fitowar zon da tashin mota, hayaƙi nawa ke jaka lokacin barin wurin tsintar kaya, da labari nawa aka faɗa ba a amsa ba. Mai leƙe ne zai riƙa cike shi daga bidiyo bayan kowane atisaye. A layin farko an sa na wannan wasan: 42, 3, 2.